Yadda ake juya umarnin hoto daga Hausa zuwa Turanci ba tare da Malam ya koma baƙo ba

Masu aikin zane da buga takardu a Sakkwato sun saba da irin wannan aiki: kalandar makarantar Islamiyya, murfin ɗan littafin yara, katin walimar sauka. Mai aikin yana son hoto, ba shi da na kamara, sai a nufi manhajojin ƙirƙirarriyar basira masu zana hoto daga rubutu. A fassara musu abin da ake so, su kuwa su fito da dattijo mai rawanin Indiya zaune kan kujera, ga baƙin allon firamare a bayansa. Mai aikin ya leƙo fuskar kwamfuta ya ce, "Wanga ai ba Malam na ba."

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Waɗannan manhajoji sun koyi zane ne daga tarin hotunan intanet da bayanin da aka rubuta ƙarƙashin kowanne. Stable Diffusion, wadda ta fito a 2022, an horar da ita da hotunan rumbun LAION, kuma ɓangaren da ya fi yawa a ciki mai bayanin Turanci ne. Idan ka ba ta kalma, abin da aka fi yawan ɗauka hoto a ƙarƙashin wannan kalmar shi za ta zano. Hotunan da aka rubuta wa `turban` a duniya, na Indiyawa sun ninka namu nesa ba kusa ba. Don haka fassarar ƙamus, ko da ta yi daidai, tana kai ka ƙasar wasu.

Aikinka shi ne fassara abin da ido yake gani. Ka ɗauka kana yi wa telan da bai taɓa shigowa ƙasar Hausa ba bayanin babbar riga ta waya: sunan rigar ba zai amfane shi da komai ba, sai ka gaya masa faɗinta, inda aiki yake, da yadda ake naɗe ta a kafaɗa. Za mu bi aiki guda ɗaya daga farko har ƙarshe, hoton malamin makarantar allo, domin kusan duk tarkon da ake faɗawa yana cikinsa.

Fara da Hausa, ka kammala ta kafin ka taɓa Turanci

A ce wani dattijo ya shigo shago ya ce maka: "Ɗana, so nike a yi man hoton Malam shina zamne bisa buzu cikin zaure, da babbar riga da rawani, almajirai na gabanai da allunansu."

Rubuta maganar yadda ya faɗe ta, sannan ka mayar da ita daidaitacciyar Hausa: Malam yana zaune a kan buzu a cikin zaure, sanye da babbar riga da rawani, almajirai suna gabansa da allunansu. Wannan ya zama dole idan kana jingina da manhajar fassara. Google Translate ta ɗauki Hausa tun 2013, amma Hausar jarida da rediyo ta fi sani. "Shina zamne" da "gabanai" na iya rikita ta, ta yi maka cika-fuska da abin da ba a ce ba. Ka kuma sa ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ, kada "ƙafa" ta zama "kafa".

Ko da ka daidaita, akwai kalmomi masu fuska biyu. Buzu na nufin fatar rago ta salla, yana kuma nufin mutumin Azbin. Injin fassara ba shi da hanyar sanin wanda Baba yake nufi sai ta lalube, kuma ba ka son a ɗora Malam a kan mutum. Irin waɗannan ka warware su tun a Hausa: maimakon "buzu", rubuta "fatar rago mai gashi da aka shimfiɗa a ƙasa".

Daga nan sai tambayoyi. Bahaushe ya ji wannan jimla ya riga ya ga hoton gaba ɗaya, don ya taɓa zama a irin zauren. Manhaja ba ta taɓa ba, kuma duk gurbin da ka bari za ta cike shi da abin da ta fi gani a wani wuri. Saboda haka kafin Baba ya tashi, tambaye shi. "Baba, Malam tsoho ne mai furfura ko matashi? Rawanin fari ne? An zagayo da shi ƙarƙashin haɓa? Yara nawa, maza ne kaɗai ko da mata? Da safe ne ko karatun dare?" A ce ya amsa: tsoho ne, farin rawani an zagayo da shi haɓa, farar riga, yara maza uku, da hantsi. Yanzu kana da abin fassarawa.

Yara uku sun isa. In ya ce a cika zaure da almajirai ashirin, lallaɓa shi. Manhajojin nan suna lalata fuskoki da hannuwa idan mutane sun yi yawa, kuma ba su iya ƙirga ba.

Bi kalmomin ɗaya bayan ɗaya

Ga abin da fassarar kai-tsaye za ta ba ka, ko kusa da shi:

```
A teacher in a big gown and turban sitting in a hall
with students and their boards
```

Babu kalma ɗaya a nan da malamin Turanci zai ja wa jan biro. Amma kowacce tana jan hoton zuwa wani waje. Ga kowace kalma, yi wa kanka tambaya ɗaya: idan na nemi wannan kalmar a hotunan intanet, me zai cika shafin farko? In ba ka da tabbas, nema ɗin za ka yi da gaske. Minti ɗaya ne, kuma abin da ka gani a nan yana kusa da abin da manhajar za ta zana.

Rawani ya fi kowanne wahala, don haka mu daɗe a kansa. `turban` kaɗai tana kawo naɗin Sikh na Indiya, mai tsini a goshi da ninki a tsare, haɓa a buɗe. Ka ƙara `desert` ko `Sahara`, sai ta koma naɗin Buzaye, shuɗi, fuska a rufe sai idanu. Ka ƙara `Islamic scholar`, sai a ba ka Balarabe ko mutumin Iran. Duk ukun ba namu ba ne. Abin da ya bambanta namu a ido shi ne yadi ne mai laushi mara nauyi, ana naɗa shi zagaye a kan hula, sannan a bi da shi ƙarƙashin haɓa ya kewaye fuska. Wannan za ka rubuta:

```
white soft cloth turban wound round over a cap,
one wrap passing under the chin, face uncovered
```

Guntun ƙarshe yana da aiki. Da zarar manhaja ta ji an ambaci haɓa, tana son ta rufe baki da hanci. Rufe baki da amawali kuwa alama ce ta sarauta, haka ma katon naɗi mai kunnuwa da alkyabba a kai. Ka bar waɗannan su shigo hoton malamin zaure, ka naɗa shi hakimi ba da sanin fada ba, kuma a garin nan ba a rasa wanda zai lura. Saboda haka ka nisanci `emir`, `sultan` da `royal`, ko da kana ganin za su ƙara wa hoton kwarjini. Suna jawo dogarai masu ja da kore, laima da dawakai. In kuma hoton basarake ake so, nan ne za ka kira su da gangan.

Babbar riga tana da 'yan'uwa biyu da ke shige mata gaba. `agbada` tana fitar da siffar rigar da kyau, amma tana zuwa da hular Yarbawa mai karkata gefe, wani lokaci har da murjani a wuya. `boubou` tana kai ka Senegal da Mali, shadda mai ƙyalli da launi mai ƙarfi. `gown` kuwa kada ma ka fara, rigar amarya ce ko ta bikin yaye ɗalibai. A rubutun Turanci na intanet an fi rubuta sunan tamu da `babban riga`, duk da nahawunmu bai yarda ba. Yi amfani da shi a haka, tunda da shi aka yi wa hotunan laƙabi, sannan ka tallafe shi da kwatance: riga ce mai faɗi ƙwarai har ƙasa, an naɗe gefunanta a kan kafaɗu, aiki a wuya da ƙirjin hagu.

```
very wide white babban riga robe, sides folded up onto the shoulders,
white embroidery at the neck and left chest
```

Kada ka sa ran za ta fitar maka da aska takwas ko aska biyu yadda mai ɗinkin hannu zai gane. Za ta yi wani ado da ya yi kama daga nesa. Shi ya sa na fi son farin zare a kan farin yadi a irin wannan aiki: kuskuren ba ya tsone ido.

Sai zaure. `hall` ɗakin taro ne. `mud hut` bukka ce mai jinka a tsakiyar daji. `adobe` na iya kai ka Meziko. Wasu suna ganin dabara ce su rubuta `Sudano-Sahelian architecture`, sai a ba su ginin Djenne na Mali mai itatuwa tsattsaye a jikin bango, abin da ginin Hausa ba ya yi. Tunda hotonmu na cikin ɗaki ne, ba ka bukatar sunan salon gini ko kaɗan. Faɗi abin da mai zaune a ciki yake gani: bango mai kauri na jar ƙasa, rufin azara, yashi a ƙasa, ƙaramar ƙofa da haske ke shigowa ta cikinta. Azara ita ce itacen giginya da aka tsaga, `split palm-wood ceiling beams`. Ba kullum take fitowa daidai ba, amma tana hana a sa maka silin na zamani da fanka.

Allo yana da tarko ta kowace kusurwa. `board` da `slate` suna kawo allon aji. `tablet` tana kawo na'ura mai gilashi. `wooden board with a handle` ta fi kusa, ko da yake wani lokaci sai ka ga katakon yanka albasa a hannun yaro. Ƙara tsawo da yadda ake riƙewa: dogo ne, kamar daga gwiwar hannu zuwa yatsu ko fiye, mariƙi a sama, an jingina shi a cinya a tsaye.

Akwai kuma maganar rubutun da ke jikinsa, wadda ta fi siffar muhimmanci. Manhajar zana hoto sau da yawa ba ta rubuta Larabci daidai, kwaikwayon kamanninsa take yi. Abin da takan zuba a allon shirme ne mai lanƙwasa, ba harafi ba aya, balle a zo ga irin rubutunmu na Warshu. Ba wanda zai so a buga wannan a kalandar makaranta a ce Alƙur'ani ne. Mafita tana cikin al'adar kanta: ɗalibi yana wanke allonsa kafin a biya masa sabon karatu. Nemi wankakken allo, `blank, freshly washed`, kuma ka cire kalmar `Quran` daga umarnin gaba ɗaya, don ita ce ke kiran rubutun, har da bugaggun littattafai masu ruwan zinari.

Almajirai fa? Kada ka rubuta `almajiri`. A intanet ɗin Turanci wannan kalma ta fi zama a ƙarƙashin hotunan rahotannin bara, don haka abin da za ka samu yara ne cikin tsumma da robar abinci. Baba ɗalibai yake nufi. `students` kuma tana kawo yunifom da jakar goyo. Rubuta abin da ke jikinsu: yara maza uku, doguwar riga mai tsabta, hula, zaune a tabarma, ba takalmi. Da akwai mata a ciki, da `hijab` kaɗai ta ba ka ɗankwalin da ake naɗawa da fil irin na Turkiyya ko Malesiya. Namu na zurmawa ne har gwiwa, sai ka ce `long one-piece pull-on khimar reaching the knees`.

Saura sunan wuri. Za ka so ka rubuta `Sokoto` ka huta, amma kalmar ba ta da ƙarfi a wajen manhaja, ga shi kuma da haruffan nan ake rubuta sunan wando a Yarbanci, wanda ake sawa da `agbada`. `Nigerian` ita kaɗai ta fi karkata Legas. `African` ta fi kowacce muni, tana tattaro duwatsun wuya da zanen fuska daga ko'ina. Abin da ya fi riƙe hoton shi ne `Hausa` haɗe da `northern Nigeria`. Ka kuma faɗi launin fata a fili. Idan ka yi shiru a kansa, ga farar riga ga rawani ga gemu, sau da yawa Balarabe za a ba ka.

Jera umarnin

Tsari yana da tasiri. Abin da ya zo a farko ya fi samun kulawa, na ƙarshe shi ake fara mantawa. A Stable Diffusion ta farko da ƙanwarta SDXL, ɓangaren da ke karanta rubutu yana ɗaukar gutsattsari 77 ne a zama ɗaya, wato kalmomin Turanci kamar hamsin zuwa sittin, kuma baƙuwar kalma irin `babban riga` tana cin gurbi fiye da ɗaya domin sai an daddatsa ta. Sababbin manhajoji suna karɓar dogon bayani, amma ko a can, jibga abubuwa yana sa su cakuɗe. Don haka ka sa abin da ya fi saurin ɓacewa a gaba: wane ne mutumin, sai rawani, sai riga, sai zama da ɗaki, sai yara, haske a ƙarshe.

```
Elderly Hausa man, northern Nigeria, dark brown skin, short grey beard,
white turban wound over a cap and under the chin, face uncovered,
wide white babban riga folded onto the shoulders,
seated on a sheepskin, sandy floor, thick red-brown earth walls,
three barefoot boys on a mat holding tall blank wooden boards,
morning light from a low doorway
```

Lura da abin da ya fita. Babu `teacher`, babu `school`, babu `students`. Zaman da alluna sun isa su nuna karatu ake yi, kuma kalmomin nan uku su ne ke shigo da tebur da benci. Azara da aikin riga ma na ajiye su tukuna. Sai hoton ya tsaya da ƙafafunsa a ƙara su.

Lura kuma kowane launi yana manne da abinsa. Launi yana yawo a cikin umarni: ka ambaci jan bango kusa da rawani, sai rawanin ya fito ja-ja. Shi ya sa na maimaita `white` a rawani da riga, na kuma tura bangon can nesa da su.

Abin da zan hana ka shi ne kalmomin yabo da ake kwafowa daga umarnin wasu, irin `exotic`, `tribal`, `ancient`, `epic`. Kowacce tana da tarin hotunan da take ɗauke da su, kuma ba na Sakkwato ba ne. In kana son hazo irin na hunturu, `harmattan haze` za ka rubuta. `winter` ƙanƙara za ta zubo maka.

Kafin ka tura, karanta wa mai aikin umarnin da Hausa, kana fassarawa daga Turancin, ba daga abin da ke kanka ba. "Baba, ga abin da na ce: dattijo Bahaushe baƙi, gajeren gemu mai furfura, zaune a fatar rago..." A nan ne zai ce ai Malam ba ya rabuwa da tasbaha, ko gafaka na rataye a bango. Gyara a wannan mataki ya fi arha, musamman inda ake biyan kuɗin kowane hoto.

Abin da ba ka so, a ina za ka rubuta shi

Kada ka rubuta `no chairs` a cikin babban umarni. Manhajoji da yawa kalmar `chairs` suke ji, ba sa jin korewar, sai su kawo kujerun. A Stable Diffusion akwai akwati na daban mai suna `Negative prompt`. A manhajar zana hoto ta Midjourney kuwa `--no` ake sawa a ƙarshen umarni:

```
--no keffiyeh, dastar, blackboard, desks, chairs, shoes, text, calligraphy --ar 3:4
```

`--ar 3:4` na ba ka hoto a tsaye, daidai murfin littafi ko kalanda. Abu ɗaya da za ka kiyaye: kada ka kori kalmar da kake bukata. Ka rubuta `Indian turban` a jerin korarru, kana yaƙi da rawaninka ne, domin `turban` na ciki. Shi ya sa na sa `dastar`, sunan naɗin Sikh, da `keffiyeh`, ƙyallen kai na Larabawa. A manhajar da ba ta da wurin korewa, juya maganar ta zama abin da kake so: maimakon babu takalmi, `barefoot`, maimakon babu kujera, `seated on the floor`.

Gwaji da dubawa

Fitar da hotuna huɗu, ka zaɓi wanda ya fi kusa, ka riƙe lambar `seed` ɗinsa. Ita ce lambar da zanen ya taso daga gare ta. Muddin ba ka canza ta ba, hoton zai tsaya kusa da yadda yake, sai ka iya ganin abin da kowane gyara ya haifar. A Midjourney `--seed` ne da lamba a bayansa, a Stable Diffusion akwatinta na nan a fili. Canza abu ɗaya a kowane zagaye. Ka taɓa rawani da bango da haske a lokaci guda, hoton ya gyaru ko ya lalace, ba za ka san wanne ya jawo ba.

Kuskuren da ka gani yakan nuna kalmar da ta jawo shi. Tsini a goshin rawani na nufin `turban` ta fi kwatancenka ƙarfi, sai ka matso da kwatancen gaba, ko ka gwada `head wrap` a madadinta ka gani, da sanin cewa ita ma tana iya jawo ɗaurin ɗankwalin mata. Riga ta matse jiki kamar jallabiya, `wide` ta yi rauni, mayar da ita `very wide, sleeveless, flowing`. Fata ta yi haske, dawo da `dark brown skin` kusa da farko. Bango ya tsattsage kamar kufai, ƙara `smooth, well kept`, domin manhaja na yawan haɗa ginin ƙasa da talauci. Wasu manhajojin kuma sukan sake rubuta umarninka da kansu kafin su zana. In ka ga fitilu masu ado ko darduma 'yar Farisa da ba ka nema ba, duba ko akwai inda ake nuna umarnin da aka yi aiki da shi, ko inda ake kashe wannan gyaran.

Bayan kaya da gini, duba ladabi, don shi manhaja ba ta da labarinsa sam. Da wane hannu Malam yake nuni ko miƙa abu? In hagu ne, a gyara. Akwai yaron da ya miƙe ƙafa yana nuna Malam da tafinta? Akwai wanda ya fi Malam tudu? An yar da littafi ko allo a ƙasa kusa da ƙafafu? An hau tabarma da takalmi? Waɗannan su ne dattijo zai fara gani kafin ya kula da kyan haske. In hannun ne kawai matsala, kada ka yi saurin juya hoton gaba ɗaya kamar madubi, domin aikin riga zai koma ƙirjin dama.

Idan abu ɗaya ne ya lalace, ba sai ka sake hoton duka ba. Shafe wurin kaɗai a sake zana shi. A Stable Diffusion sunan wannan `inpaint`, sauran manhajoji ma suna da irinsa a wajen gyaran hoto. Shafe kai ka rubuta kwatancen rawani shi kaɗai, ba tare da sauran umarnin ba. Yakan fi fitowa da kyau, tunda babu abin da ke gasa da shi.

Inda kalma ta gaza

Akwai abubuwan da duk iya kwatancenka ba za su fito ba, don manhajar ba ta ga isassun hotunansu ba. Allo na cikinsu, haka kurtun tawada da gafaka. A nan wayarka ta fi ƙamus amfani. Ari allo ka jingina shi a bango mara ado, ka ɗauke shi da hasken rana, ka ba manhajar a matsayin hoton misali tare da umarnin. A Midjourney `--iw` ke ƙayyade nauyin hoton misali a kan rubutu. Fara da kaɗan kana ƙarawa, domin in ya yi yawa har bangon da ka jingina allon zai biyo. Rawani ma haka: wani ya naɗa maka, ka ɗauka daga gefe, da izininsa, ka yanke fuskar kafin ka ɗora.

In mai aikin ya nace sai an ga rubutu a allon, a sa mai kyan hannu ya rubuta da tawada a allo na gaske, malami ya duba, ka ɗauki hoto, ka ɗora shi a kan wankakken allon da manhajar gyaran hoto. Ka tuna masa kuma kalanda takan ƙare a ƙasa ko a hannun mai ƙosai bayan shekara ta fita. Da yawa in sun ji haka sukan ce a bar allon a wanke.

Kada ka sa sunan mutum na gaske a umarni don ka samu kamanni. Sunan Sarkin Musulmi ko na wani sanannen malami zai ba ka fuskar da ta yi kama da shi a wurin da bai taɓa zama ba, kuma da sunan shagonka za a buga. Wani zai ce a zana Shehu Usmanu Ɗanfodiyo yana karantarwa. Shehu ya rasu a 1817, kafin a fara ɗaukar hoto da kamara, don haka duk fuskar da manhaja ta fitar ƙirƙira ce, kuma da zarar ta shiga waya za a yi ta turawa ana cewa shi ne. Ga irin wannan aiki, nuna zauren da buzun da alluna a jingine babu kowa, ko ka yi amfani da hoton Hubbare na gaske.